An sallami Mama jiya, takardar maganinta ta fi ƙarfinmu

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu aikin asibiti ku taimaka min. Daren Litinin aka yi wa mahaifiyarmu aikin afendis, jiya Alhamis bayan La'asar aka sallame mu, yanzu muna gida a Tudun Wada. Lokacin sallamar ni na tafi biyan kuɗi, ƙanina aka yi wa bayani, shi kuma ya ce bai riƙe komai ba sai "ta sha maganinta". Ga abin da ke kan takardar, na kwafo shi yadda yake:

```
Tabs Co-amoxiclav 625mg bd x 7/7
Tabs Metronidazole 400mg tds x 5/7
Tabs PCM 1g prn
TCA 1/52 SOPD
```

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, a cikin takardun da muka dawo da su akwai wata ƙarama da aka rubuta NPO da manyan baƙaƙe. Yayanmu ya ce ma'anarta kada ta ci komai, ya hana a ba ta abinci tun jiya. Ruwa kawai muke ba ta da magani. Yau da safe tana ta tashin zuciya, jikinta ba ƙarfi.

Hajiya Ladi Gyallesu: Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne.

Sani Samaru: Allah Ya ƙara sauƙi. Anti, bd sau biyu ne a rana, tds sau uku, safe da rana da dare. 7/7 ɗin nan kuma ina jin kwanan wata ne, wato 7 ga watan 7 za ta daina.

Sista Rabi: Maman Khalifa, bar maganar ƙwayoyin tukuna, amsa min waɗannan yanzu. Kafin a sallame ku, Mama ta ci wani abu a asibiti? Wane kwanan wata ne a jikin takardar da ke da NPO ɗin? Ta yi amai ne ko tashin zuciya kawai? Cikinta ya kumbura? Tana fitar da iska? Tana da ciwon suga?

Maman Khalifa: Sista, ran Talata da yamma suka ce a fara ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, Laraba ta sha shayi da kunu, jiya da rana ma ta ci faten dankali a can. Takardar na duba, kwanan watan ranar Litinin ne. Ba ta yi amai ba, ciki bai kumbura ba, ta yi bayan gida jiya da safe. Ba ta da suga, hawan jini ne da ita.

Sista Rabi: Alhamdulillahi. To tashi yanzu ki dama mata koko ko kunu mai ɗumi, ta sha a hankali, rabin kofi ma ya isa a fara. In ya zauna, bayan awa ɗaya ki ƙara mata. Yayanku bai yi kuskure a fassara ba, NPO na nufin kada komai ya bi ta baki, a wasu wuraren NBM ake rubutawa, duk abu ɗaya ne. Inda aka samu matsala shi ne wannan umarni na ranar Litinin ne, na shiga tiyata da kuma sa'o'in da suka biyo baya kafin hanji ya farka. Tun ranar da suka ce a fara ba ta ruwa umarnin ya faɗi. Mukan manna irin wannan takarda a jikin gado don kada 'yan dubiya su ba majinyaci abinci, ita ce ta biyo ku gida a cikin kaya.

Ki ma lura da wani abu: mutumin da ke kan NPO na gaske, ƙarin ruwa ake masa ta jijiya, maganinsa ma ta jijiya ake ba shi. Ba a sallamo shi gida da ƙwayoyin haɗiya a leda. Tashin zuciyar nan ina kyautata zaton yunwa ce ta haɗu da waɗannan ƙwayoyi biyu a cikin da ba komai, dukansu suna yin haka.

Maman Khalifa: Innalillahi. Kusan awa 18 ke nan ba ta ci ba. Bari in je in dama, zan dawo.

Baban Walid: Ni nawa akasin wannan ne. Bara aka sa min ranar aikin ƙaba, aka ce kada in ci komai daga ƙarfe 12 na dare. Da asuba uwargida ta ce ai koko ba abinci ba ne, sha ake yi. Na sha kofi guda. Da mai ba da maganin barci ya tambaye ni na faɗa masa gaskiya, nan take aka ɗage aikin, sai da na ƙara sati uku ina jira. Na ji haushi ƙwarai a lokacin, na ɗauka wulaƙanci ne.

Sista Rabi: Baban Walid, gaskiyar da ka faɗa ce ta cece ka. In aka sa mutum barcin tiyata, tari da haɗiyar da ke kare maƙoshi suna tsayawa. Abin da ke cikin ciki zai iya tasowa ya gangara huhu, ga shi da tsami mai ƙuna. Koko, kunu, fura, shayi mai madara, duk abinci ne a wannan lissafin. Ƙa'idar da aka sani ita ce awa 6 ba abinci ba madara kafin aiki, ruwa zalla kuma ana iya barinsa har zuwa awa 2 kafin a shiga. Amma majinyaci ya bi lokacin da aka faɗa masa shi, ba wanda ya ji a waje ba.

Malam Auwal Famasi: Assalamu alaikum. Na shigo na tarar Sista ta gama da mai gaggawar. Malam Sani, bd da tds ka faɗa daidai, amma 7/7 ba kwanan wata ba ne. Lambar ƙasa tana nuna ma'aunin da ake ƙirge da shi, ta sama kuma yawansa. In ƙasa 7 ce, kwanaki ake nufi, tunda sati kwana 7 ne. Don haka 7/7 kwana bakwai, 5/7 kwana biyar. In ƙasa 52 ce, makonni ake nufi, tunda shekara mako 52 ce, ke nan 1/52 sati ɗaya. In 12 ce, watanni ne, 1/12 wata ɗaya.

Layin ƙarshe ba magani ba ne. TCA na nufin ta dawo, SOPD kuma wurin da likitocin tiyata ke ganin marasa lafiyar da ba a kwantar ba. Wato sati mai zuwa ta koma a duba wurin ɗinkin. A duba katinta, galibi akan rubuta ranar, domin ba kullum suke zama ba.

Sani Samaru: Na gode Malam. Wallahi na daɗe ina ɗaukarsa kwanan wata.

Maman Khalifa: Na dawo. Ta sha koko kusan kofi guda, ta ce ta ji daɗinsa, tana kishingiɗe. Malam Auwal, akwai wani abin kuma. Na biyun nan, ledar da aka ba mu ƙwaya 30 ce, an rubuta 2 x 3 a jiki. Tun jiya muke gardama, ƙwaya biyu sau uku ne ko ƙwaya uku sau biyu. Saboda tsoro guda ɗaya muke ba ta.

Malam Auwal Famasi: Hajiya, duba jikin fallen maganin ki gaya min lambar da ke kusa da sunansa.

Maman Khalifa: 200mg aka rubuta.

Malam Auwal Famasi: To ga yadda abin yake. Wannan shi ne wanda mutane ke kira filajil. Likita ya rubuta miligiram 400 duk sha ɗaya, amma wanda aka ba ku mai 200 ne, don haka ƙwaya biyu ce ke yin sha ɗaya. Biyu sau uku a rana shida ke nan, kwana biyar ya zama 30, daidai da abin da ke ledarku. Da mai 400 aka ba ku, da ƙwaya 15 za ki gani, ɗaya-ɗaya. Rabin magani kuka ba ta jiya da yau da safe. Kada ki rama mata, daga shan da ke gaba ki koma bibbiyu. Ranar komawa ki faɗa wa likita yadda aka yi.

Wannan lissafin shi nake so kowa ya riƙe, domin da shi za ka gane ko ka fahimci takarda tun kafin ka bar tagar karɓar magani: ƙwaya nawa a sha ɗaya, sau nawa a rana, kwana nawa. Ninka su, ka ƙirga abin da ke hannunka. Na farkon nan babbar ƙwaya ce, ɗaya sau biyu kwana bakwai, ya kamata a ce 14 aka ba ku. In lissafi bai fita ba, ko an rage maka, ko ƙarfin ƙwayar daban ne, ko ba ka gane ba. Kowanne ne, a nan ake tambaya.

Maman Khalifa: Haka ne, 14 ne, yanzu saura 12.

Anti Zainab Kongo: Ni dai abin da na sani, sau uku shi ne da karin kumallo, da abincin rana, da tuwon dare. Haka muka taso muna yi kuma muna warkewa. Ban ga abin wahalar da kai ba.

Malam Auwal Famasi: Anti Zainab, ga wasu magungunan maganarki daidai ce, akwai waɗanda da abinci aka ɗaure su, kamar wasu na suga. Amma waɗannan biyun masu kashe ƙwayoyin cuta ne, ana so kada jini ya rabu da su. Duba yadda muke ci a gidajenmu: karin kumallo wajen ƙarfe 9, na rana ƙarfe 2 ko 3, tuwo bayan Magariba wajen 7. Duk sha ukun sun taru cikin awa 10, sannan jiki ya yi awa 14 ba magani. Abin da tds ke nema shi ne tazarar kusan awa 8: ƙarfe 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. Shi kuma bd tazarar awa 12. Na sha ganin wanda ya sha da safe ya sake sha da Azahar, ya ce ai ya cika sau biyu.

Sista Rabi: Ni ba na ba tsofaffinmu lokaci da agogo, da salla nake ba su. Maman Khalifa, rubuta wannan a takarda ki manna a bango. Bayan sallar Asuba, in za ta sha koko: babbar ƙwaya ɗaya, filajil biyu. Bayan Azahar: filajil biyu kawai. Bayan Magariba, da loma ta farko ta abincin dare: babbar ƙwaya ɗaya. Lokacin kwanciya: filajil biyu, da ɗan abin taɓawa ko da biskit ne. Daga Asuba zuwa Magariba a nan Zariya awa 13 ne ko kusa da haka, ya yi wa bd. Babbar kuwa a farkon cin abinci ake so a sha ta, ta fi sauƙi ga ciki.

Malam Auwal Famasi: Na yarda da tsarin, Sista, sai dai "lokacin kwanciya" ɗin nan. Iyayenmu da an idar da Isha'i suke kwanciya, ƙarfe 8 da 'yan mintuna. Daga 2 zuwa 8 awa 6, daga 8 zuwa 6 na safe awa 10. Ni ƙarfe 10 zan ce, a tashe ta.

Sista Rabi: Malam, shekara 16 ina aikin dare. Wanda ka ce wa ya tashi tsohuwa mai ɗinki a ciki ƙarfe 10, kwana biyu zai yi ya fara mantawa, ko tausayi ya hana shi. Gara min ta sha ƙarfe 9 kullum da a ce 10 ana tsallakewa.

Malam Auwal Famasi: Ga filajil na kwana biyar ba zan ja da ke sosai ba. Amma kada masu karatu su ɗauka kowane magani ne ake yi wa wannan sassaucin. In likita ya rubuta awa takwas-takwas, awa takwas ɗin yake nufi.

Maman Khalifa: A ɗakinta nake kwana, zan sa ƙararrawa a waya 9 da rabi. Saura na ukun, prn. Mu tare da sauran muke ba ta.

Ummi Hanwa: Ni ma ina da tambaya, yarona ɗan shekara 2 yana zazzaɓi tun jiya, zan iya ba shi wannan na farkon? Akwai ragowar na babansa a gida.

Sista Rabi: Ummi, a'a, kada ki ba shi. Na manya ne, kuma zazzaɓin yaro a yankinmu sai an yi gwajin maleriya. Kai shi asibitin unguwa yau ɗin nan, kada ki jira gobe.

Maman Khalifa, PCM farasitamol ne. prn kuma na nufin in buƙata ta taso. Wato ba shi da lokaci kamar sauran biyun. In ciwon wurin aikin ya dame ta ki ba ta, in ba ta jin ciwo ki bar shi. Sauran biyun dole a sha su har su ƙare ko da ta ji garau, wannan kuwa in ya yi ragowa ba komai.

Malam Auwal Famasi: Wannan layin shi ya fi damuna a takardar. An rubuta prn an tsaya, ba a faɗi tazara ba, ba a faɗi iyaka ba. Mutane da yawa suna jin "in da buƙata" sai su fahimci "duk lokacin da ka ga dama". Ƙwayar farasitamol ta manya miligiram 500 ce, 1g ke nan ƙwaya biyu. Tsakanin sha da sha kada ya gaza awa 4, in an kai 6 ya fi. A cikin awa 24 kada ya wuce ƙwaya 8, wato giram 4. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, nasa bai kai haka ba, sai likita ya yanke masa. Abin tsoron shi ne wanda ya zarce sau da yawa ba ya jin komai a ranar, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta nuna.

Sannan a kula da 'yan dubiya. Wannan ya kawo maganin mura daga kemis, wancan ya kawo na ciwon jiki, alhali da yawansu akwai farasitamol a ciki. Sai a haɗa da na asibiti a wuce iyaka ba wanda ya sani. Ki ajiye takarda kusa da ita, duk lokacin da aka ba ta a rubuta ƙarfe nawa, domin ke da ƙanenki kada ku ba ta sau biyu.

Hajiya Ladi Gyallesu: Ni kuwa sai na ga kamar gara a daure, kada jiki ya saba da magani. Lokacin da aka yi min aikin haihuwa ban sha na ciwon ba ko sau ɗaya.

Sista Rabi: Hajiya, ranki ya daɗe, farasitamol ba ya kama mutum irin wannan kamun. Kuma dauriyar tana da nata illar. Mai ɗinki a ciki in yana jin zafi ba ya yarda ya ja dogon numfashi, ba ya tari, ba ya tashi ya taka, daga nan majina ke taruwa a ƙirji. Mun fi so ta sha ta miƙe ta zaga tsakar gida. Kwana biyun farko a gida ma in ta sha safe da rana da dare ba laifi, daga nan a riƙa ragewa.

Amma Maman Khalifa, ga amfanin rubutawar da Malam ya ce. Ciwon aiki kullum raguwa yake yi. In kika ga jiya sau biyu ta nema, yau sau huɗu, gobe ma bai ishe ta ba, to ba ƙarin magani take buƙata ba, likita take buƙata. Haka in jiki ya yi zafi, ko ta fara amai, ko ciki ya kumbura ta daina fitar da iska, ko wurin ɗinkin ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya. Kada ku jira ranar sati, ku tafi sashen gaggawa da takardar nan a hannu. Kafin ki ba ta farasitamol ki riƙa taɓa jikinta, domin yana ɓoye zazzaɓi. In kuma ƙuraje suka feso mata ko leɓe da fuska suka kumbura bayan babbar ƙwayar, ki tsayar da ita ku tafi nan take. Ɗacin baki kamar ta tsotsi ƙarfe kuwa na filajil ne, zai wuce in ta gama.

Baban Walid: Ni tambayata ita ce, me ya sa ba za a rubuta mana da Hausa ba? Kalma uku ce fa. Dole sai da wannan yaren da ko masu Turanci ba sa ji?

Malam Auwal Famasi: Asalinsu Latin ne, kuma saƙo ne daga likita zuwa ga mai ba da magani, ba don majinyaci aka yi su ba. Aikinmu ne mu juya su. In an bar mutum ya tafi gida da bd da prn, mu ne ba mu cika aikinmu ba. Ko mu muna ruɗewa da mummunan rubutu: od sau ɗaya ne a rana, qds sau huɗu, in hannu ya karkace sai ka koma ka tambayi wanda ya rubuta.

Sista Rabi: Ba na kare mu, amma ka zo ka ga nas biyu a kan gado talatin ranar sallama. Abin da na koya shi ne in tambaya wa zai riƙa ba da maganin a gida, shi nake jira ko da ya tafi biyan kuɗi. In rubuta a jikin kowace leda da Hausa, wanda ya fi gane ajami in sa a rubuta masa da ajami, wanda ba ya karatu in ja masa layuka. Sannan in ce ya maimaita min. In na ce "kun gane?" kowa "eh" yake cewa saboda kunya. In na ce "nuna min wanda za ki ba ta bayan Azahar", a nan nake ganin gaskiya.

Baban Walid: Allah Ya saka, amma irinki nawa ne? Ni har yanzu ina ganin a kan takardar ya kamata a gyara.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah Ya biya ku. Na manna jadawalin a bango, Yaya ma ya karanta ya sauko. Abu ɗaya ya rage. Maganin hawan jininta da take sha kullum da safe, amlodifin, babu shi a takardar. Tun Litinin ba ta sha ba. In ci gaba da ba ta ko an cire mata ne?

Malam Auwal Famasi: Sau da yawa takardar sallama sabbin magunguna kawai take ɗauka, a manta da na gida. Rashin ganinsa ba ya nufin an dakatar da shi.

Sista Rabi: Yana iya zama mantuwa, yana iya zama jininta ya sauka a asibiti suka ɗaga mata da gangan. Daga nan ba za mu sani ba, ga shi ta kwana ba ci. A auna jininta yau, ko a kemis ɗin kusa da ku. Ƙaninki kuma ya koma ɗakin da aka kwantar da ita da katinta da kwalin maganin, ya nemi likitan da ke aiki ya duba fayil ɗinta. Ya je kafin a tafi masallaci, yau Juma'a.

Maman Khalifa: Ya ɗauki mashin ya tafi yanzu. Maƙwabciyarmu tana da abin awo, na aika a karɓo.